Yadda ake amsa aikin gida idan hoton takardar ya yanke tambaya ko zaɓi

Mu masu koyar da lesin, da yayye da iyayen da ake turo wa aikin gida ta WhatsApp, kusan kullum sai mun gamu da hoton takardar da gefenta ya fita daga hoto. Wani lokaci ƙarshen layin tambaya ne ya tafi, wani lokaci zaɓi na ƙarshe, wani lokaci kuma umarnin da ke saman shafi. Abin da nake so sabon shiga ya riƙe shi ne ya raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta ƙarasa masa. Yaro ba ya bambance biyun. Duk abin da Malam ya turo, amsa ce, zai kwafa a littafi ya kai makaranta. Shi ya sa nake bin matakan nan ko da tambayar ta 'yan aji uku na firamare ce.

Kayan aiki

Wayarka mai ɗan caji da data. Biro da takarda, domin za ka kwafe tambayar da hannunka. Sannan ka san ajin yaron da darasin, ka kuma san inda takardar ta fito: malamin aji ne ya buga ta, ko daga littafin karatu aka ɗauko, ko tambayoyin shekarun baya ne na WAEC, NECO ko JAMB. Idan kana da littafin da suke amfani da shi, ajiye shi kusa. A ɓangaren mai turowa, ana buƙatar takardar kanta a hannunsa, da wuri mai haske, da wani abu mai duhu da zai shimfiɗa ta a kai, kamar tebur ko sallaya.

1. Buɗe hoton gaba ɗaya kafin ka ce ya yanke

Ɗan hoton da ke bayyana a cikin hira ba shi ne cikakken hoton ba. WhatsApp yakan datse gefen hoto mai tsawo ko mai faɗi sosai domin ya shiga gurbinsa a hirar, kuma idan an turo hotuna da yawa a haɗe, kowanne guntunsa kawai za ka gani. Taɓa hoton ya cika fuskar wayar, sannan ka buɗa shi da yatsu biyu ka bi gefe huɗun ɗaya bayan ɗaya. Duba kuma ko akwai hoto na biyu da bai gama saukowa ba, don sau da yawa ragowar tambayar tana can.

2. Gano inda yankewar ta faru

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi zai gaya maka abin da za ka roƙa. Kalli bakin hoton a wurin da rubutu ya katse.

Idan rubutu ya tafi har bakin hoton, babu tebur ko tabarma a bayansa, to mai ɗauka ne ya matso da yawa, ko ya datse hoton kafin ya turo. Wannan mai sauƙi ne, sake ɗauka zai gyara.

Idan kuwa kana ganin bakin takardar sarai, har da tebur a bayanta, amma duk da haka kalma ta katse, to ba laifin hoto ba ne. Takardar ce ta fito haka daga wurin fotokwafi, galibi don an ɗora ta a karkace ko littafin ya fi gilashin injin girma. Ko sau goma yaro ya sake ɗauka, haka za ta zo. Kada ka ɓata masa data. Wuce mataki na 7.

Akwai na uku, wato littafi mai kauri. Rubutun da ke kusa da ɗinkin littafi yakan lanƙwashe ya shige ciki, ya yi duhu. Nan ba yankewa ba ce, sai dai a sa wani ya danne shafin da hannu a sake ɗauka.

3. Kwafe abin da ka gani, ka bar gurbi a inda ya ɓace

Ɗauki biro ka rubuta tambayar harafi da harafi, duk inda ya katse ka ja akwati ka bar shi fayau. Kada ka cike shi, ko da kana jin ka san abin da ke wurin. Dalili shi ne ido mai saurin ƙarasawa ne. Mutumin da ya saba da darasi yakan karanta abin da ya saba gani, ba abin da ke rubuce ba.

Kowane gefe da irin ɓarnar da yake yi. Gefen dama yakan cinye lamba ta ƙarshe, da ma'auni kamar `cm` ko `cm²`, da ƙaramar lambar da ke saman harafi irin ta `x²`. Gefen hagu ya fi haɗari, saboda abin da ya rage yakan yi kama da cikakke: `-5` ya koma `5`, `125` ya koma `25`, kuma lambar tambayar kanta ta ɓace. Ƙasan hoto shi ke tafiya da zaɓi na ƙarshe. Saman hoto kuma shi ke tafiya da umarni, kuma a takardar Ingilishi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sashen da aka ce a zaɓi kalma mai ma'ana kusa da wadda aka ja wa layi, da sashen da aka ce a zaɓi kishiyarta, tsarinsu ɗaya ne a ido. Umarni guda yana iya hawa kan tambayoyi da yawa a jere, to idan ka ɗauka ɗayan ne alhali ɗayan ne, duka ka kayar da yaron. Haka nan kalmomin nan biyu, `NOT` da `EXCEPT`, suna iya zuwa a ƙarshen layi, kuma kowace tana juya tambaya gaba ɗaya.

Ka ƙirga zaɓin ma. Tambayoyin zaɓi na WAEC da JAMB huɗu ne, A zuwa D. Na NECO biyar ne, A zuwa E. Saboda haka idan hoton tambayar NECO ya tsaya a D, bai cika ba, ko da ya yi kyau a ido. Idan takardar malamin aji ce, dubi sauran tambayoyin shafin ka ga zaɓi nawa kowace take da shi.

4. Raba tambayoyin gida uku

Gida na farko, waɗanda suka cika. Amsa su yanzu. Ban yarda da malamin da zai mayar da shafi guda da kalmar "sake turowa" don tambaya ɗaya ta yanke ba. Yaron yana da sauran tara da zai iya yi a daren nan, wataƙila kuma wayar ta mahaifiyarsa ce, ba za ta sake shigowa hannunsa ba sai gobe.

Gida na biyu, tambaya ta cika amma zaɓi ya ɓace. Gida na uku, tambayar kanta ce ta yanke. Kowanne da yadda ake bi da shi.

5. Idan zaɓi ne kawai ya ɓace

Rufe zaɓin da hannunka ka yi tambayar kamar babu su. Ga misali. An ba da fili mai kusurwa huɗu, tsawonsa `12 cm`, faɗinsa `8 cm`, an ce a nemo kewayensa.

```
2 × (12 + 8) = 40 cm
```

Idan abin da ke bayyane shi ne A 20, B 40, C 96, D kuma ya yanke, amsa B ce, ba ka buƙatar ganin D. A lissafi amsa guda ce, ka same ta, ga ta a jere. Abu ɗaya za ka duba: ma'aunin da ke gaban lambar bai yanke ba, don malamai sukan sa `40 cm` da `40 cm²` a zaɓi biyu daban domin su kama mai gaggawa.

Idan kuwa abin da ke bayyane A 20, B 32, C 96 ne, arba'in ba ta cikinsu. Sake yin lissafinka tukuna. Idan ya tabbata, ka ce wa yaro amsar ita ce `40 cm`, ya duba takardarsa, zai same ta a zaɓin da ya yanke. Lura da yadda na faɗa: lambar nake ba shi, ba harafin ba. In takarda mai zaɓi biyar ce, tana iya zama D, tana iya zama E, shi da ke riƙe da takarda shi zai gani. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya ga amsarsa ba ta fito ba, sai ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a cikin ukun da yake gani. Kada ka yi haka.

Wannan dabara ta lissafi ce da abin da ya yi kama da shi. A darussan bayani ba ta da ƙarfi haka. A ce an tambayi abincin da ke gina jiki, ka ga A wake ne, ka yi murna ka ce A. Idan ka dubi B ka ga kifi, C ƙwai, to duka ukun daidai ne, kuma zaɓin da ya ɓace kusan tabbas shi ne mai cewa dukansu. Don haka karanta duk zaɓin da kake gani har ƙarshe. Idan biyu sun yi daidai a lokaci guda, amsar tana wurin da ba ka gani ba. A tambayoyin da aka ce a zaɓi wadda ta fi dacewa kuwa, kamar na fahimtar labari, ba za ka iya cewa wannan ta fi ba alhali ɗaya ba ta zo gabanka ba. Iyakarka ka ce a cikin ukun da na gani B ce ta fi, amma a karanto mini D.

6. Idan tambayar ce ta yanke

Nan ne ya kamata mutum ya yi haƙuri. Bari mu bi misali guda har ƙarshe. Ga abin da hoto ya nuna, akwatin shi ne inda ya katse:

```
7. 3x + 6 = 2▯
A. 4   B. 5   C. 6   D. ▯
```

Mai gaggawa zai karanta `3x + 6 = 2`, ya sami `x = -4/3`, ya ga babu ita a zaɓi, ya ce ai ita ce D. Wani kuma zai ce ai malamai sun fi son 21, ya ba da B. Dukansu canki-canka suka yi.

Abin da za ka yi shi ne ka mayar da kowane zaɓi cikin tambayar ka ga abin da zai haifar:

```
x = 4  →  18
x = 5  →  21
x = 6  →  24
x = 7  →  27
```

A ta fita, domin 18 ba ta fara da 2 ba. Wannan ka sani tabbas. Amma B da C duk suna nan, kuma tun da zaɓin suna hawa ɗaya-ɗaya, D tana iya zama 7, ita ma ta dace da 27. Ke nan lamba guda da ba ka gani ba ta bar ka da amsoshi uku, kowace da hujjarta. Babu wani wayo da zai raba su. Wani lokaci za ka ga ɗan ɓurɓushin lambar a bakin hoto, misali tsayayyen layi. Yana iya zama 1, yana iya zama wani yanki na 4 da kusurwar ɗauka ta karkatar. Yi amfani da shi wajen zato idan kana so, amma kada ka tura zaton a matsayin amsa.

Amfanin wannan aikin shi ne yanzu ka san ainihin abin da kake nema, kuma kana iya koyar da hanyar tun kafin ya zo. Ga irin saƙon da nake turawa:

"Ƙanena, na 1 zuwa na 6 ga su a sama. Na 7 gefen dama ya yanke. Ina ganin 3x + 6 = 2, sai wata lamba bayan 2 ɗin da ban gani ba, zaɓin D ma bai fito ba. Duba takardarka ka rubuto mini lambar da ke bayan alamar daidai, da abin da ke D. Kafin nan ga hanyar: ka debe 6 daga lambar, abin da ya rage ka raba shi uku. Idan 21 ce za ka sami 5, idan 24 ce 6, idan 27 ce 7. Kada ka rubuta komai a littafi sai ka duba."

Saƙon ya faɗi lambar tambaya, da gefen da ya yanke, da kalma ta ƙarshe da na gani, da abin da nake so a turo. "Hoton bai fito ba" kaɗai ba ya taimakon kowa. Yaro zai sake ɗauka yadda ya ɗauka da farko. Sau da yawa ma, da ya karanta irin wannan saƙon, sai ya dubi takarda ya ga 27 ce, ya rubuto da kansa, "Yaya, D ce, 7." Ya yi aikinsa da kansa ke nan, abin da ake nema tun farko.

Wannan amsar mai "idan kaza ne, kaza" tana da iyaka. Tana aiki idan hanyoyin biyu ne ko uku. Idan rabin jimla ne ya tafi, ko zanen da tambaya ta dogara a kansa, ko jadawali, kada ka zauna kana ƙirƙiro tambayoyi kana amsawa. Za ka rikita yaron ne kawai. Ka ce ba ta amsuwa sai an ga ragowar, ka tsaya nan.

Idan da babba kake magana, sauya harshe amma kada ka sauya ma'ana. "Hajiya, barka da dare. Aikin ya iso, na gode. Na 7 ne kaɗai gefensa bai fito ba, don Allah a sa shi ya karanto layin farko da zaɓin D." Iyaye sukan ce, "Malam, ka dai ba shi wadda ka ga ta fi." Ina ba su haƙuri in ce gara ya bar gurbin ya tambayi malamin aji da safe. Amsar da aka ci da sa'a ba ta koya masa komai ba, wadda aka faɗi kuma da sunana aka faɗi.

7. Samo abin da ya ɓace

Hanya mafi arha ita ce a rubuto ko a karanto. Layi ɗaya ba ya buƙatar sabon hoto. Idan ta saƙon murya ne, ka ce a karanta layin tun daga farkonsa, ba guntun da ya ɓace kaɗai ba, domin ka gwada shi da abin da ka kwafa ka tabbata tambaya ɗaya kuke magana. A lissafi ka sa a ambaci kowace alama, ta debewa da baka da ɗigo, don yara sukan tsallake su a karatu. Lambobi kuma a faɗe su ɗaya-ɗaya: biyu, bakwai.

Idan sai an sake hoto, fara tambaya ko asalin yana nan a `Gallery`. Datsewar da aka yi a cikin WhatsApp kafin turawa ba ta taɓa asalin hoton, wataƙila shi cikakke ne. In ba haka ba, ga abin da za ka gaya wa mai ɗauka. Ya shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu. Ya riƙe waya a tsaye, daidai saman takardar, ba daga gefe ba. Ya ja da baya har sai ya ga kusurwa huɗun takardar, da kamar faɗin yatsu biyu na tebur a kowane gefe. Ya buɗe hoton ya karanta layin da aka nema kafin ya turo.

Akwai wani saiti da ke jawo yawancin yankewar nan. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan kyamara tana kan `4:3`, siffar hoton ta yi kusa da siffar takardar, shafi zai shiga da ɗan sarari. Idan tana kan `16:9` ko `Full`, hoton dogo ne siriri. Da zarar an cika tsawon takardar, dama da hagu sun fita. Ka sa a mayar da ita `4:3`, a kuma yi amfani da kyamarar wayar kanta. Idan rubutun ƙanana ne, a ɗauki shafin sau biyu, sama da ƙasa, a bar tambaya guda ta fito a duka hotunan biyu don kada wani layi ya faɗa tsakani. Wajen turawa a danna `HD`, ko a turo shi ta `Document`, saboda WhatsApp yakan rage ingancin hoto, ƙananan alamomi su dushe. Masu amfani da manhajar sikanin da ke datse gefe da kanta su kula: farar takarda a kan farin tayil ko farin zanin gado takan ruɗe ta, ta ɗauki layin rubutu a matsayin bakin takarda. Kafin a ajiye, a ja kusurwoyin da hannu zuwa inda takardar ta ƙare.

Idan takardar ce ta fito a yanke daga fotokwafi, nemi ta ɗan ajinsu. Sai dai idan daga kwafi ɗaya aka buga wa ajin duka, tasu ma haka take, to malamin aji ne kawai ke da asali. Idan daga littafi ne, a nemi shafi da lambar aikin. Idan tambayar shekarun baya ce, shekara da lambar tambaya sun isa ka same ta a littafin tambayoyin da ake sayarwa. Za ka iya kuma rubuta kalmomin farko na tambayar a Google tsakanin alamun zance. Amma ka gwada kowace lamba da kowane zaɓi da abin da ke hotonka, domin malamai sukan ɗauko tsohuwar tambaya su sauya lamba guda ko su juya jerin zaɓin. Abin da ka samo a intanet tambayar za ka ɗauka, amsar kuma ka yi ta da kanka, don ba duk amsoshin da ake sawa can ne daidai ba. Ka kuma gaya wa yaro daga ina ka ƙarasa tambayar.

Idan za ka tura hoton zuwa guruf na malamai don neman mai cikakkiyar takarda, rufe sunan yaron da na makarantarsa tukuna.

8. Idan lokaci ya ƙure kuma ba a samu ba

Yaro zai miƙa aiki da safe, babu wanda ke da cikakkiyar takarda. Sa shi ya rubuta tambayar yadda take a takardarsa, ya nuna hanyar aiki, ya rubuta a gefe cewa ƙarshen tambayar bai fito ba a kwafin da aka ba shi. Idan akwai zato mai ƙarfi, ya rubuta shi a fili, misali ya ce na ɗauka lambar 27 ce, sannan ya yi aikin a kan haka. Malami mai adalci zai ga hanyar daidai ce, zai kuma gane cewa takardar da ya raba tana da matsala, ya gyara wa sauran ajin.

Wani hoton kuma yakan zo a yanke, a karkace, da inuwar hannu a kai, a daidai lokacin da ake zaune a ɗakin jarrabawa, tare da "Malam da sauri". Wannan ba aikin gida ba ne, an ɗauke shi ne a ɓoye. Ba na amsa shi, ba na kuma cewa a sake ɗauka. Ina bari sai an tashi, in ce ya kawo takardar mu yi ta tare daga tambaya ta farko.